Layukan Fibot: Lissafin Mai Sauƙi Ne, Rigimar Tana Wajen "Jiya"

Mai cinikin yini ɗaya, wato wanda ke shiga kasuwa da safe ya fita kafin dare, yana buƙatar wasu alamomi a jadawalin farashi tun kafin ciniki ya kankama. Yana son ya san inda farashi zai iya cijewa in ya yi sama, da inda zai iya samun tokara in ya gangaro. Ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin samun waɗannan alamomi ita ce wadda manhajojin ciniki ke kira Pivot Points, mu kuma a nan za mu riƙa cewa layukan fibot. In aka ɗora su a jadawali, za a ga layuka bakwai a kwance: na tsakiya mai harafin P, shi ne cibiya, uku a samansa, R1, R2 da R3, su ne shingaye, uku a ƙasansa, S1, S2 da S3, su ne tokara. Ba sa motsi. Tun daga buɗe kasuwa har tashinta suna nan inda aka aje su, sai gobe a share a zana sababbi.

Asalin abin daga zaurukan ciniki na Chicago ne, inda dillalan hatsi da na sauran kwantiragi ke tsayuwa a rami suna ciniki da ihu da alamun hannu. Mutumin da ke cikin wannan turmutsitsi ba shi da allo a gabansa, ba shi kuma da sukunin dogon nazari. Abin da zai iya shi ne ya ɗauki lambobi uku na jiya, ya yi lissafi kafin a kaɗa ƙararrawa, ya rubuta sakamakon a ɗan kati ya sa a aljihu. Kamfanin CME ya rufe mafi yawan waɗannan ramuka a watan Yuli na 2015, amma lissafin ya riga ya koma cikin kwamfuta. Wannan tarihi yana da amfani a nan saboda dalili guda: a ramin Chicago, babu gardama a kan ma'anar "jiya". Ƙararrawa ce ke buɗe kasuwa, ita ke rufe ta, kowa kuma lambobi iri ɗaya yake riƙe da su. A kasuwar canjin kuɗi ta yau, wadda ba ta barci daga daren Lahadi zuwa daren Juma'a, wannan tabbacin ya ɓace, kuma mafi yawan kuskuren da ake yi da layukan fibot daga nan yake tasowa.

Bari mu fara da lissafin kansa. Lambobi uku ake buƙata daga cin kasuwar da ya gabata: farashi mafi tsada da aka taɓa, wato H, mafi araha, wato L, da farashin da aka tashi a kansa, wato C.

```
P  = (H + L + C) / 3
R1 = 2P - L        S1 = 2P - H
R2 = P + (H - L)   S2 = P - (H - L)
R3 = H + 2(P - L)  S3 = L - 2(H - P)
```

Mu ƙaddara wata rana a cinikin EUR/USD. Lambobin misali ne, ba na wata rana takamaimai ba. Farashi ya hau har 1.0920, ya sauka har 1.0840, aka tashi a 1.0895. A wannan kasuwa ana auna motsi da lamba ta huɗu bayan ɗigo, wato 0.0001, abin da allo ke kira pip. Za mu riƙa ce masa ɗigo. Faɗin jiya ke nan ɗigo 80. In aka haɗa lambobin uku za a samu 3.2655, a raba uku, cibiya ta faɗo a 1.0885. Ninkin cibiya 2.1770 ne. A cire L, R1 ya zama 1.0930, a cire H, S1 ya zama 1.0850. A ƙara faɗin jiya a kan cibiya, R2 ya zama 1.0965, a rage shi, S2 ya zama 1.0805. Na ƙarshe kuma, R3 yana 1.1010, S3 yana 1.0770. Iyakar lissafin ke nan, ɗan firamare ma zai yi shi a bayan littafinsa.

Sai dai yana da kyau a tsaya a kalli waɗannan lambobi da kyau, domin suna da wata siffa da yawancin masu amfani da su ba su lura da ita ba. Tsakanin S1 da R1 a misalinmu ɗigo 80 ne cif, daidai da faɗin jiya. Wannan ba dace ba ne. Kullum haka yake, tun da in ka cire S1 daga R1, ninkin cibiya zai soke kansa, a bar ka da H ban da L. Ka kuma lura cewa R1 ya ɗara ƙololuwar jiya da ɗigo 10, S1 ma ya ɗara ƙasan jiya da ɗigo 10. Wato R1 da S1 ba wani sabon abu ba ne illa akwatin jiya da aka ɗaga shi gaba ɗaya aka matsar da shi sama kaɗan. Me ya sa sama, me ya sa ɗigo 10? Tsakiyar faɗin jiya 1.0880 ce, aka tashi kasuwa a ɗigo 15 sama da ita, lissafin kuma yana matsar da akwatin da kashi biyu cikin uku na wannan rata. Da an tashi ƙasa da tsakiya, da akwatin ƙasa zai yi. Da an tashi daidai tsakiya, da R1 ya hau kan H, S1 ya hau kan L, layukan ba su ƙara maka komai ba.

Daga nan za a gane iyakar abin da cibiya ke iya faɗa. Ko da an tashi kasuwa a kan ƙololuwa, cibiya ba za ta wuce kashi biyu cikin uku na faɗin jiya ba. Ko da an tashi a can ƙasa, ba za ta sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ba. Kullum tana cikin sulusin tsakiya. Saboda haka duk hasashen da ke cikin layukan fibot bai wuce wannan ba: yau za ta yi faɗi kamar jiya, ta ɗan karkata zuwa ɓangaren da aka tashi. R2 da S2 kuma na ranar da ta fi ƙarfin haka ne, domin tsakaninsu ninkin faɗin jiya ne.

Akwai wata ƙa'ida da ake yawan koya wa sababbi, cewa in kasuwa ta buɗe sama da cibiya to ranar ta masu saye ce, in ta buɗe ƙasa ta masu sayarwa ce. A kasuwar hannun jari, inda ake rufewa a kwana a dawo, wannan magana tana da ɗan nauyi, domin farashin safe na iya tsallakewa nesa da na jiya saboda labarin da ya fito cikin dare, kuma wannan tsallen sabon bayani ne. Amma a canjin kuɗi, a tsakiyar mako, farashin buɗewa kusan shi ne na rufewa, mintuna ne a tsakaninsu. To ratar da ke tsakanin C da P ita ce dai wannan ɗigo 10 da muka gani. Ke nan "an buɗe sama da cibiya" ma'anarsa kawai "jiya an tashi sama da tsakiya". Ba ƙarya ba ne, amma tsohon labari ne aka sake wa riga. Abin da ke da ma'ana shi ne yadda farashi ya yi da cibiyar bayan awanni, musamman bayan Landan ta shigo kasuwa, ba inda ya tsinci kansa a minti na farko ba.

Yanzu sai mu zo ga babbar tambaya. Yaushe jiya ta fara, yaushe ta ƙare?

A canjin kuɗi, al'adar da manyan bankuna da mafi yawan dillalai suke bi ita ce rana tana ƙarewa da ƙarfe 5 na yamma agogon New York. A daidai wannan lokacin ne ake juya cinikin da ya kwana zuwa washegari, a caje shi ko a biya shi kuɗin kwana. Ga mai zaune a Kano ko Maraɗi, wannan ƙarfe 10 na dare ne daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadi ta farko a watan Nuwamba, lokacin da Amurka ke tura agogonta gaba da awa ɗaya. Sauran watannin kuwa ƙarfe 11 na dare ne. Mai zaune a Kumasi sai ya rage awa ɗaya a kan kowanne. Mu agogonmu ba ya motsi, nasu ne ke motsi, shi ya sa wanda ya haddace "ƙarfe 10" ya manta da sauyin zai yi wata huɗu yana ɗaukar farashin rufewa awa guda kafin lokaci. Dillalai da yawa sun sauƙaƙa wannan ta hanyar saita agogon sabarsu a GMT+2 da hunturu, GMT+3 da bazarar Amurka, don sha biyun darensu ya faɗa daidai kan ƙarfe 5 na New York. Wanda ya ga agogon manhajarsa ya riga na wayarsa da awa ɗaya ko biyu, kada ya ɗauka lalacewa ya yi. Galibi dalilin ke nan.

Amma ba kowane dillali ne ke bin wannan tsari ba. Wasu suna yanke rana da sha biyun dare na GMT, wato ƙarfe 1 na dare a Najeriya da Nijar. Mu koma misalinmu mu ga abin da hakan ke haifarwa. A ce wancan farashi mafi araha, 1.0840, an taɓa shi ne da ƙarfe 10 da rabi na dare, jim kaɗan bayan sabuwar ranar New York ta shiga. A wurin dillali na biyu, wannan lokacin yana cikin shekaranjiya, ba jiya ba. Nasa mafi arahar sai ya zama, a ce, 1.0852. Ƙololuwa ba ta canja ba, tana 1.0920, tun da da rana aka taɓa ta. Rufewarsa kuma ta zo awa uku bayan ta New York, a ce a 1.0904. Cibiyarsa za ta faɗo a 1.0892, R1 a 1.0932, S1 a 1.0864, S2 a 1.0824.

Kwatanta su. R1 ɗigo 2 kawai ya bambanta, wanda ba komai ba ne. Amma cibiya ta gusa da ɗigo 7, S1 da ɗigo 14, S2 da ɗigo 19. Ga mai cinikin da ke aje iyakar asararsa ɗigo 15 daga inda ya shiga, ratar ɗigo 14 ta kusa cinye dukan lissafinsa. Mutum biyu ke nan, kasuwa ɗaya, rana ɗaya, lissafi ɗaya, ɗaya yana jiran saye a 1.0864, ɗayan a 1.0850, kowanne kuma yana rantsuwa cewa a kan S1 yake. Kamar mutum biyu ne suka je Dawanau sayen gero, ɗaya da farashin da aka tashi jiya da la'asar, ɗaya da na wani ciniki da aka ƙulla bayan isha a bakin tasha. Duka biyun farashin jiya ne, amma ɗaya ne kawai 'yan kasuwa za su gane da shi.

Wanne ne daidai? A lissafi babu wanda ya yi kuskure. Sai dai layin fibot ba shi da wani ƙarfi na kansa. Ba ya auna yawan kuɗin da ke jiran saye, ba ya sanin abin da Babban Bankin Turai ke shirin yi. In har yana tasiri, to saboda mutane da yawa da na'urorinsu suna kallon lamba ɗaya suna aje umarninsu kusa da ita ne. A kan wannan ma'auni, layin da ya fi yawan masu kallo shi ya fi cancanta, kuma a canjin kuɗi wannan shi ne na rufewar New York. Ra'ayina ke nan, kuma ban ga hujjar da ta rinjaye shi ba.

Matsalar ta fi muni ranar Litinin. Kasuwar canji tana buɗewa ne daren Lahadi da ƙarfe 5 na yamma agogon New York. A wurin dillalin da ke bin New York, wannan lokacin farkon Litinin ne, layukan Litinin kuma daga cin kasuwar Juma'a ake fitar da su, kamar yadda ya kamata. Amma a wurin mai yanke rana da sha biyun GMT, akwai awa biyu ko uku da suka rage na Lahadi, sai manhaja ta yi musu kyandir nasu na kansu ta ɗauke su a matsayin cikakkiyar rana. A waɗannan awanni kasuwa ba kowa, daga Wellington sai Sydney. A ce farashi ya yi yawo tsakanin 1.0888 da 1.0900, ya tsaya a 1.0894. Cibiya za ta zama 1.0894, R1 ɗigo 6 sama, S1 ɗigo 6 ƙasa, dukan layuka bakwai kuma su cunkushe cikin ɗigo 36. Kafin Landan ta gama buɗewa farashi ya ratsa R3 ya wuce, mai kallo ya ɗauka wani gagarumin motsi ake yi, alhali Litinin ce kamar kowace. Hanyar gane wannan ba ta da wuya: ka buɗe jadawalin kwana-kwana ka ƙirga kyandirorin mako guda. In biyar ne, lafiya. In shida ne, na shidan kuma ɗan tsurut, to layukanka na Litinin ba abin dogaro ba ne, sai ka ɗauki lambobin Juma'a ka yi lissafin da hannu.

Sauran kasuwanni ma kowace da irin tata. Kwantiragin E-mini S&P 500 ana cinikinsa kusan awa 23 a rana a na'urar Globex, amma kasuwar hannun jarin da yake bi tana ci ne daga 9:30 na safe zuwa 4:00 na yamma agogon New York. Wasu suna fitar da layukansu daga waɗannan awa shida da rabi kawai, wasu daga dukan awa 23, kuma in babban motsi ya faru cikin dare, layukan ɓangarorin biyu za su yi hannun riga. Ko C ɗin ma iri biyu ne a can: akwai farashin ciniki na ƙarshe, akwai kuma farashin da kasuwa ke ayyanawa a hukumance don daidaita asusu, ba lallai su zo ɗaya ba. A wannan kwantiragi maki ɗaya dala 50 ne, saboda haka ratar maki huɗu tsakanin layi da layi dala 200 ce a kan kwantiragi guda. Kuɗin kirifto kuwa ba su da rufewa ko kaɗan, har Asabar da Lahadi. An dai saba yanke ranarsu da sha biyun dare na UTC, yarjejeniya ce kawai.

Wani abin da ke ɓata lissafi shi ne lambar da ba ta gaskiya ba. Kasuwar canji ba ta da zaure guda, kowane dillali da farashin da yake samu daga bankunansa, don haka H da L kan ɗan bambanta ko da agogo ɗaya ake bi. Yawanci bambancin ɗigo ɗaya ko biyu ne. Amma a mintunan juya rana, wajen ƙarfe 5 na New York, masu ciniki kan janye, ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa ta buɗe, wani lokaci jadawali ya zana dogon tsini da ba a yi wani cinikin kirki a kansa ba. Manhaja ba ta tambaya, za ta ɗauke shi a matsayin ƙololuwar rana ko ƙasanta. In H ya ƙaru da ɗigo 30 ta wannan hanya, cibiya za ta hau da 10, R1 da 20, R2 da 40, S1 kuma ya sauka da 10, S2 da 20. Kuskure ɗaya ya ja layukan sama ya ture na ƙasa. Maganinsa shi ne a duba H da L a wani jadawalin daban kafin a yarda da su. In tsinin a wuri ɗaya kawai ya bayyana, na dillalin ne, ba na kasuwa ba.

To a ce lambobin sun inganta. Me ake yi da su? Mu ci gaba da ranar misalinmu, da layukan New York. Farashi ya kwana yana yawo sama da cibiya, da hantsi ya gangaro ya taɓa 1.0885, ya ɗan nutse zuwa 1.0881, sannan kyandir na minti 15 ya rufe a sama da layin. Mai ciniki ya saya a 1.0887. Ba zai aje umarnin tsayar da asara a kan cibiyar kanta ba, domin layi ba bango ba ne, farashi kan leƙa bayansa ya dawo. Sai ya aje shi a 1.0870, ƙasa da inda aka nutse da ƙasa da tsakiyar jiya. Inda zai karɓi riba kuma ba kan R1 daidai ba, ɗan ƙasa da shi, a 1.0927, tun da wasu za su fara sayarwa kafin a kai. Yana kasadar ɗigo 17 ke nan don neman 40. In jarinsa dala 1,000 ne, kuma ba ya son asarar da ta wuce kashi 1 cikin 100 a ciniki guda, zai shiga da yuro 5,000, abin da allo ke nunawa 0.05, inda kowane ɗigo rabin dala ne. In ta ɓaci ya rasa dala 8.50, in ta yi kyau ya samu dala 20.

A nan ne, a ganina, amfanin layukan na gaskiya yake. Kafin mutumin nan ya danna komai, ya san inda zai fita ta kowace fuska, kuma zai iya lissafa cewa da wannan rabo na 17 da 40, in ya ci uku cikin goma ya tashi ba riba ba asara. Ka lura kuma da wani cikas da ke hanyarsa: ƙololuwar jiya, 1.0920, tana gaban R1. Can ne masu saye suka gaji jiya, kuma wannan ba lissafi ba ne, abu ne da ya faru. Sau da yawa wannan yanki na 1.0920 zuwa 1.0930 ya fi kyau a ɗauke shi a matsayin shinge ɗaya mai kauri. Wanda ya karɓi rabin ribarsa a 1.0918 bai yi wauta ba.

Irin wannan ciniki yana lalacewa ta hanyoyi sanannu. Na farko, in jiya ta yi ƙunci. Ranar hutu a Amurka ko ranar jiran wani babban labari kan bar faɗin ɗigo 25 ko 30, layukan washegari su matsu, har tazarar cibiya da R1 ta zama ɗigo 12 ko ƙasa. A irin wannan, ratar saye da sayarwa da ladan dillali suna cin babban rabo daga abin da ake nema, ga shi kuma rana mai ƙunci ba ta cika haifar da wata mai ƙunci ba in labarin da ake jira ya fito. Akasin haka ma matsala ce: bayan ranar da aka yi gudun ɗigo 200, R1 da S1 za su yi nisa, farashi ya wuni bai kusanci ko ɗaya ba. Lissafin kwana ɗaya kawai yake tunawa. Shi ya sa ya kamata a gwada faɗin jiya da matsakaicin faɗin kwanaki 14 ko 20 da suka wuce. In bai kai rabinsa ba, ko ya ninka shi, layukan yau ba su dace da kasuwar ba.

Na biyu, labari. Rahoton guraben aiki na Amurka yakan fito ne Juma'ar farko ta wata da 8:30 na safe agogon New York, wato 1:30 na rana a Najeriya da Nijar in agogon Amurka yana gaba, 2:30 in ya koma. A mintunan da ke biye, farashi na iya ratsa layuka biyu ko uku kamar babu su, umarnin tsayar da asara kuma a cika shi nesa da inda aka aje. Mafi tsananin misali shi ne 15 ga Janairu 2015, ranar da Babban Bankin Suwizalan ya janye ƙangin 1.20 da ya yi wa yuro a gaban faran ɗinsa tun 2011. Kwanakin da suka gabaci ranar, EUR/CHF ya lafe a bakin 1.20 yana motsin ɗigo ƙalilan, saboda haka S3 ma yana nan kusa. Cikin mintuna farashi ya faɗi ƙasa da 1.00. Babu lissafin da aka gina a kan jiya da zai hango wannan.

Ana iya tambaya ko akwai wata shaida cewa farashi na girmama irin waɗannan layuka. Binciken da aka fi ambata shi ne na Carol Osler, wanda Babban Bankin Tarayya reshen New York ya wallafa a 2000. Ta ɗauki matakan tokara da shinge da kamfanoni shida ke aika wa abokan cinikinsu kowace rana daga 1996 zuwa 1998, ta gwada su da matakan da aka zaɓa haka kawai, ta samu cewa farashi ya fi juyawa a kan na kamfanonin. Sai dai a yi hattara, matakan da manazartan kamfanoni suka zaɓa ta bincika, ba wannan lissafi na H, L da C ba, kuma yawan juyawa bai zama riba ba sai an cire kuɗin ciniki. Abin koyi a aikinta shi ne hanyar gwajin, kuma kowa zai iya yin irinta a gida. Ka ɗauki kwanaki 100, ka rubuta tun farko abin da kake nufi da "ya juya", misali ya taɓa layi ya koma ɗigo 15 kafin ya wuce shi da ɗigo 15. Ka ƙirga a kan R1 da S1. Sannan ka matsar da layukan da ɗigo 17 ko 23, lambar da ba ta da wata ma'ana, ka sake ƙirgawa. Bambancin ƙirgan biyu shi ne abin da fibot ya ƙara maka. Ba tare da wannan gwaji ba, ido zai riƙa tuna ranakun da farashi ya tsaya cak a kan layi, ya manta waɗanda ya wuce bai ko waiwaya ba.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da tara nau'o'in fibot a jadawali ɗaya. Akwai na Woodie, mai ba farashin rufewa nauyi biyu ya raba huɗu, wanda a misalinmu zai sa cibiya a wajen 1.0887. Akwai na Fibonacci, mai auna kashi 38.2 da 61.8 cikin 100 na faɗin jiya daga cibiya, shingensa na farko a 1.0916. Akwai na Camarilla, wanda daga farashin rufewa yake aunawa, ba daga cibiya ba, layukansa na uku a 1.0917 da 1.0873, na huɗu a 1.0939 da 1.0851. Dukansu daga lambobi ukun nan suka fito, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa bai sani ba, don haka haɗuwar biyu daga cikinsu a wuri ɗaya ba shaida biyu ba ce. In aka zuba su duka, aka ƙara da layukan rabi-rabi da wasu ke sakawa a tsakani, da wuya farashi ya juya a inda babu layi kusa, sai mai jadawalin ya ga kamar komai yana aiki. Haɗuwar da ke da nauyi ita ce ta layin fibot da abin da ya fito daga wata hanya dabam: ƙololuwar makon jiya, ko cikakkiyar lamba irin 1.0900 da 1.1000, inda wani binciken na Osler ya nuna cewa umarnin masu ciniki kan taru. A ranar misalinmu, 1.0900 tana zaune tsakanin cibiya da R1, ɗigo 13 kacal sama da inda mai cinikinmu ya saya, kuma babu ɗaya daga cikin layuka bakwai da ya nuna masa ita.